"Malama Ni! Malama Ni!": Yadda tsarin ba da tukuici ke kafa hali a cikin aji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar ajin firamare a Gombe, a Bolari ne ko Pantami ko Tudun Wada, ya san wannan hayaniyar. Malama ta jefa tambaya, kafin ta rufe baki aji ya kaure: "Malama ni! Malama ni!" Wasu sun miƙe tsaye, wasu na kaɗa yatsu, wani ma ya riga ya ƙwala amsar. In ka tambaye ta, za ta ce maka tun farkon zango ta kafa doka cewa a ɗaga hannu a yi shiru, ta maimaita har muryarta ta dishe, amma ko a jikinsu. Kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai akwai abin da ke faruwa wanda ba ta ƙirga shi: a cikin ihu biyar ko shida, akwai ɗaya da take amsawa. Wani lokaci don amsar ta yi daidai, wani lokaci don lokacin darasi na ƙurewa, wani lokaci kuma don yaron ya ishe ta. Wannan amsawar ta jefi-jefi ita ke riƙe da ihun, kuma ta fi dokar da ke rubuce a allo ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wanda ya zauna ya auna wannan al'amari dalla-dalla shi ne B. F. Skinner, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda duk ɗalibin Kwalejin Ilimi, a Gombe ko a Azare, ya haɗu da sunansa a darasin sanin halayyar yara. Abin da akasari ake haddacewa don jarrabawa shi ne: halin da alheri ya biyo bayansa yana ƙaruwa. Wannan kuwa Edward Thorndike ya riga shi faɗa, tun gwaje-gwajen da ya yi da kyanwoyi a ƙarshen ƙarni na 19. Abin da Skinner ya ƙaro shi ne tambayar yaushe, da kuma sau nawa. Yana sa ɓera ko tattabara a cikin akwati. Ɓera ya danna wani ɗan ƙarfe, ko tattabara ta sari wani ɗan faifai da baki, sai ƙwayar abinci ta faɗo, na'ura kuma tana rubuta kowane danni a takarda.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya faɗa kan batun tsari. A farkon aikinsa a jami'ar Harvard da hannunsa yake haɗa ƙwayoyin abincin ɓerayen, aiki mai cin lokaci. Wata ranar Asabar ya ƙirga abin da ya rage, ya ga ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya gyara na'urar ta riƙa sakin ƙwaya a danni ɗaya kawai cikin kowane minti maimakon a kowane danni. Ɓerayen ba su daina aiki ba, suka ci gaba da danni cikin wani salo tsayayye. Daga nan ya shafe shekaru yana jujjuya tsare-tsare, har a 1957 shi da Charles Ferster suka fitar da babban littafi a kan wannan batu kaɗai.

Kafin a shiga tsare-tsaren, akwai abu guda da in malami bai kama shi ba sauran duk zai tafi a banza. Tukuici a wannan ilimi ba a gane shi da niyyar mai bayarwa, da sakamakonsa ake gane shi. Duk abin da ya biyo bayan hali, halin ya ƙaru, to tukuici ne, ko da tsawa ce. Yaron da ke zaune a bencin baya cikin yara 70, wanda sati yakan wuce ba a kira sunansa ba, in ya gano cewa ihu na sa Malama ta juyo ta ce "Sale, ka yi mini shiru!", to ya sami abin da yake nema: an kalle shi, an ambaci sunansa, aji ya juyo. Haka nan yabo a gaban aji, in ya sa yarinya mai kunya ta noƙe ta daina ɗaga hannu, to a wurinta bai zama tukuici ba, komai kyan zuciyar mai yabon.

Babban rabe-raben biyu ne. Akwai tukuicin kowane karo, wato duk lokacin da aka yi abin sai a samu. Akwai kuma na jefi-jefi. Na farkon shi ya fi saurin koyar da sabon hali, domin alaƙar aiki da sakamako a fili take. Amma rauninsa shi ne ranar da tukuicin ya tsaya, nan da nan ake ganewa, halin kuma ya mutu da wuri. Na jefi-jefi ba ya koyar da sabon abu da sauri, sai dai abin da ya riƙe yana da wuyar mutuwa. Mai sabon babur da ya saba tashi bugu ɗaya, ranar da ya buga sau uku shiru, sauka zai yi ya nemi bakanike. Mai tsohon babur da yau ya tashi a bugu na biyu, gobe a na takwas, zai buga sau ashirin yana gumi bai fid da rai ba, domin a saninsa shiru na bugu goma ba alamar komai ba ce. Yaran ajin nan masu tsohon babur ne. Sun koyi cewa in an yi banza da ihunsu sau huɗu, na biyar na iya ci.

Shi kansa jefi-jefin kala huɗu ne, ya danganta da ko yawan aiki ake ƙirgawa ko lokaci, da kuma ko adadin tsayayye ne ko mai sauyawa. Kowanne yana barin irin sawunsa, kuma malami zai iya gane su a ajinsa da ido. In ya ce "duk wanda ya gama lissafi 10 ya kawo in sa masa hannu", ƙirga tsayayye ke nan. Za a ga yara na sauri, sannan da an sa hannun sai a ga sun sake jiki na ɗan lokaci kafin su kama na gaba, kuma yawan aikin da aka yanka, tsawon wannan hutun. In kuma ya saba duba littattafai ranar Juma'a kaɗai, lokaci tsayayye ke nan, kuma sakamakonsa sananne ne: Litinin da Talata littafi fayau, daren Alhamis a kwana ana kwafe. Tattabarun Skinner haka suke yi, da sun ci sai su lafa, in lokaci ya gabato su ƙara wuta. Ba lalaci ne ya haifar da wannan ba, tsarin ne ya nuna wa yaro cewa aikin Litinin ba mai ganinsa.

Sauran biyun su ne masu sauyawa, kuma su suka fi amfani a aji. A ƙirga mai sauyawa, tukuici na zuwa bayan wani adadi da ba a sani ba, yau bayan karo biyu, anjima bayan biyar. Shi ne ke haifar da aiki mafi yawa, kusan ba hutu, kuma shi ne tsarin da injinan caca ke tafiya a kai, abin da ya sa masu yi ba sa iya tashi. A lokaci mai sauyawa kuwa, damar samun tukuici na buɗewa ne bayan wasu mintoci da ba a san yawansu ba, sai a sami aiki a natse, ba gudu ba tsayawa. Na farko ya dace da halin da ake iya ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar ɗaga hannu. Na biyu ya dace da halin da ake so ya ɗore, kamar zama a kan rubutu.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce aji 4 ne mai yara 70, jere huɗu na bencina, malama ɗaya. Matakin farko ba ta sauya komai. Kwana biyu ko uku tana ƙirgawa kawai, a darasi ɗaya, a ce lissafin safe. Hanya mai sauƙi ita ce ta zuba tsakuwa ko wake a aljihun jakarta, duk lokacin da aka ƙwala amsa ko aka kira ta da ihu ta mai da guda ɗaya wancan aljihun, in kuma ta amsa wa mai ihun ta ja ɗan layi a gefen allo. A ce a darasin minti 35 ta sami ihu 30, ta amsa 6. Yanzu ta san tsarin da take kai: ɗaya cikin biyar, ba a san na nawa ba. Wannan ƙirgar ita za ta cece ta daga baya, domin ranar da ta gaji za ta ji kamar ba abin da ya sauya, alhali waken na nuna ihun ya ragu da rabi.

Mataki na biyu, ranar Litinin ta faɗa musu a fili. Yara ba tattabaru ba ne, suna jin magana, kuma an daɗe da lura cewa abin da aka gaya wa mutum game da tsari yana sauya yadda yake bin sa. Ta ce: "Daga yau, wanda ya ɗaga hannu bakinsa a rufe shi zan gani. Wanda ya kira ni, ban ji shi ba." Sannan su gwada sau biyu ko uku da tambaya mai sauƙi, kamar wasa, don kowa ya ga yadda abin yake. A wannan satin ɗaga hannu na kan tsarin kowane karo. A nan ne masu aji babba sukan ce ba zai yiwu ba, ta yaya za a kira yara 20 da suka ɗaga hannu a tambaya guda? Amsar ita ce a raba abu biyu: ganin hannu daban, ba da dama daban. Dama mutum ɗaya ke samu, amma gani kowa na iya samu cikin daƙiƙa biyar. Ta bi jeren da ido tana cewa, "Na ga hannunki Habiba, na ga jere na uku gaba ɗaya, madalla. To Musa, ba mu amsa." Ta kuma yawaita tambayoyi gajeru a wannan satin, domin dama ta zagaya da sauri, ta fi karkata ga waɗanda aka sani da ihu a duk lokacin da suka ɗaga hannu shiru. Sale na bencin baya, karon farko da ya ɗaga hannu bai yi magana ba, shi za a kira nan take, ko da wasu sun riga shi.

Ihun kuma ba ya samun komai. Ba tsawa, ba harara, ba "na ce maka ka yi shiru". Mafi wuya shi ne lokacin da mai ihun ya faɗi amsar daidai. Baki na son ya ce "yauwa", amma dole ta haɗiye, ta kira mai hannu a sama, shi ya maimaita amsar, shi ya sami yauwar.

Abin da zai faru ranar Talata ko Laraba shi ne wurin da mafi yawan malamai ke ajiye wannan hanya, kuma ina ganin da an gaya musu tun farko da ba su ajiye ba. Ihun zai iya ƙaruwa. Daga 30 ya haura 40, muryoyi su ƙara sama, wani ya bar bencinsa ya zo gabanta yana "Malama, Malama, ni fa!" Wannan sanannen abu ne: halin da aka yanke wa tukuici yakan yunƙura kafin ya kwanta. Ba kullum yake faruwa ba, amma in ya faru alama ce cewa an taɓa jijiyar da ta dace, wato kulawarta ce dama ke ciyar da ihun. Hatsarin yana nan daidai. In ta haƙura sau 15, a na 16 ta ce "to, to, faɗi mu ji mu huta", ta koyar da darasi mafi muni: ihu na ci, amma sai an daɗe, kuma sai an ɗaga murya. Ta mai da tsarin daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin 16, halin ya ƙara taurin kai. Shi ya sa nake cewa malamin da bai shirya jure waɗannan kwanaki ba gara kada ya fara, ya bari sai satin da ba jarrabawa, ba baƙi masu duba makaranta, kuma ya sanar da hedimasta da malamin ajin da ke maƙwabtaka cewa za a ji hayaniya ta 'yan kwanaki.

In ta riƙe, za ta ga wake ya fara raguwa a aljihu. Alamar wucewa mataki na gaba ba kalanda ke ba da ita ba. Sai ta ga kwana uku a jere ihun ya sauka ƙasa, a ce bai wuce 5 ba a darasi, hannaye kuma na tashi da kansu. Sannan ta fara janye yabon a hankali. Maimakon ta ambaci masu ɗaga hannu a kowace tambaya, sai ta koma ɗaya cikin biyu, bayan wasu kwanaki ɗaya cikin uku. Amma kada ya zama kowace tambaya ta uku cif, domin yara na da wayon gano lissafi. Ta rubuta a gefen takardar darasinta: 2, 5, 1, 4, 3. Ma'ana ta yaba bayan tambaya biyu, sannan bayan biyar, sannan bayan ɗaya, haka har ƙarshe. Matsakaicinsu uku ne, amma ba yaron da zai iya cewa yanzu ne. Rubutawar na da amfani, domin in aka bar wa zuciya, malami yakan yaba ne lokacin da yake cikin nishaɗi, ya manta lokacin da ya gaji, kuma lokacin gajiyar ne aji ya fi buƙata.

Janyewa da gaggawa na da alamunta. Yaran da suka fara ɗaga hannu sai a ga sun koma sun naɗe hannu, ko a ji "ai ko ka ɗaga ba a kiranka", ko ihu ya fara dawowa daga bencinan baya. Abin da ya faru shi ne tazarar ta yi wa wasu nisa. Matsakaicin aji yana ruɗi: ana iya yabo ɗaya cikin uku, amma in duk yana sauka a kan yara 10 na gaba, sauran 60 ɗin suna kan tsarin babu ne. Maganinsa a koma baya mataki ɗaya na 'yan kwanaki, kuma ta riƙa ɗiga alama a rijista gaban sunan duk wanda ta kira, ƙarshen sati ta duba wa aka bari. Haka kuma bayan hutun Sallah ko na ƙarshen zango, ihun zai leƙo ko da an ɗauka ya mutu. Tsohon hali ba gogewa yake yi ba, danne shi ake yi da sabo. Kwana ɗaya ko biyu na komawa tsarin kowane karo yakan isa, muddin ihun bai sami amsa ba.

Zama a kan aikin rubutu kuma tsarin lokaci yake so. A ce ta ba da aikin minti 25. Ta rubuta 3, 7, 4, 9, 2 a takarda, jimilla 25, matsakaici minti 5, ta sa wayarta ta riƙa girgiza a waɗannan lokutan ba tare da ƙara ba. Duk lokacin da ta girgiza ta ɗaga kai, jeren da ta tarar kowa na kan littafinsa ta ja masa maki ɗaya a allo, ta faɗi dalili a gajarce: "Jere na biyu, kowa na rubutu." Jeren da bai samu ba ba a yi masa faɗa, zagaye na gaba na tafe, kuma zai iya zuwa nan da minti biyu. Wannan ɗan gajeren tazarar da ake cusawa a tsakani shi ke hana sakin jiki bayan an duba. Da kowane minti 5 cif take dubawa, cikin kwana biyu za su koyi yin surutu minti huɗu su natsu a na biyar. Raba aji ƙungiya-ƙungiya ana tara maki ba sabon abu ba ne. Tun 1969 wasu masu bincike uku, Barrish da Saunders da Wolf, suka gwada shi a wani aji 4 a jihar Kansas ta Amurka, suka ga surutu da tashi daga kujera sun ragu ƙwarai, ko da yake su laifi suke ƙirga wa ƙungiya. Ni na fi son ƙirga abin kirki, domin a ajinmu ƙirga laifi kan ƙare ne da a tare yaro ɗaya a bayan aji a ce shi ya ja musu. Ko da wannan tsarin ma, in ta ga jere na tsangwamar wani yaro, ta cire shi daga lissafin jeren ta yi masa nasa daban.

Tukuicin ba sai an kashe kuɗi ba, kuma gara kada a kashe. Jeren da ya ci shi zai fara fita tara, ko shi zai zaɓi waƙar da za a yi, ko a ba ɗaya daga cikinsu goge allo ko ɗaukar wa Malama littattafai zuwa ofis, abin da yaran firamare ke rububi a kai. Alawa da biskit suna ƙarewa, suna jawo rigima, kuma ranar da aljihu ya bushe tsarin ya rushe. Akwai ma wani dalili mai zurfi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu sun gwada yara ƙanana waɗanda dama suna son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo in sun yi zane, daga baya da aka bar su da kansu sun rage yin zanen, alhali waɗanda aka ba kyautar ba zato ba tsammani ba su rage ba. Abin da malami zai ɗauka a nan shi ne kada ya ɗora farashi a kan abin da yaro ke yi don so. Yarinyar da ke karatu don daɗin labari, a bar ta da daɗinta, a tambaye ta me ya faru a labarin. Tsarin tukuici na halin da bai kafu ba ne, kuma ana janye shi ne don abin da ke cikin aikin kansa ya karɓa: a saurare ka in ka yi magana, ka ga lissafinka ya fita.

Yin banza da hali yana aiki ne kawai idan kulawar malami ce ke ciyar da shi, kuma nan ne iyakar da ya kamata a sani. Yaron da ke kwaikwayon kukan akuya don aji ya fashe da dariya, ko Malama ta shekara ba ta kalle shi ba bai dame shi ba, tukuicinsa a hannun 'yan aji yake. Shi sai ta hanyar makin jere, inda 'yan'uwansa za su daina dariyar. Yaron da kullum sai an fara lissafi yake tayar da rigima har a ce "fita waje ka yi nil-dawun", a duba da kyau, ƙila korar ita ce abin da yake nema, domin ta raba shi da aikin da ya gagare shi. Duk ranar da aka kore shi an biya shi. Ana gane wannan da lokaci: in fitinar na zuwa a darasi ɗaya ne ban da sauran, a buɗe littafinsa, sau da yawa za a tarar bai iya abin da ake ginawa a kai ba, kuma maganinsa a rage masa aikin zuwa abin da zai iya, a koya masa ya ce "Malama ban gane ba". Duka, jifa, cin zali, waɗannan ba a kau da kai a kansu ko sau ɗaya, ana tsayar da su nan take. Yaron da ya zo bai karya ba, ko wanda ba ya ganin allo, ko mai zazzaɓi, ba tsarin da zai zaunar da shi, kuma zalunci ne a auna shi da ma'aunin wanda ya ƙoshi.

Malamin ma yana cikin akwatin. Ya daka tsawa ko ya buga bulala a tebur, aji ya yi tsit nan take, kunnensa ya huta. Wannan hutun tukuici ne a gare shi, kuma yana zuwa cikin daƙiƙa ɗaya, alhali amfanin yabo sai an yi kwanaki kafin a gan shi. Da tafiya ta yi nisa tsawar ba ta ci kullum, wata ran ta ci wata ran ba ta ci ba, sai shi ma ya faɗa tsarin jefi-jefi, ya riƙa ƙara murya yana jiran karon da za ta ci. Wannan ne ya sa nagartattun malamai, masu son yaransu tsakani da Allah, suke samun kansu suna ihu yini guda ba su san yadda aka yi ba. Ƙirgar wake tana taimakawa a nan ma: ya ƙirga sau nawa ya yaba, sau nawa ya tsawatar, a darasi ɗaya.

A firamare inda malama ɗaya ke riƙe da aji yini guda, abin ya fi sauƙi. A ƙaramar sakandare kuwa, inda malamai bakwai ko takwas ke shiga aji ɗaya, yara kan bambance da sauri: wurin Malamin Lissafi a ɗaga hannu, wurin Malamar Turanci a yi ihu, domin ita tana amsawa. Wannan bai ɓata aikin wanda ya riƙe tsarinsa ba, ajinsa zai gyaru a lokacinsa, sai dai halin ba zai bi yaran zuwa sauran darussa ba. In ana so ya bi su, sai malaman ajin sun zauna a ɗakin malamai sun amince a kan hali ɗaya tak, da kalmomin da za a faɗa wa yara, da ranar Litinin ɗin da za a fara tare, kowa kuma ya kawo ƙirgarsa ranar Juma'a a kwatanta.